Layin naira 5,700,000 a lissafin shagon siminti

Maigida, barka da aiki. Ina haɗa rahoton wata na shagon simintin nan na Alhaji, sai na ci karo da layi ɗaya na naira 5,700,000, alhali sauran cinikin daga buhu 10 ne zuwa 60. Ya ɓata mini matsakaicin wata, jadawalin ma ya zama kamar sanda ɗaya tsaye. In goge shi ne?

Nasiru, kada ka goge tukuna. Na buɗe fayil ɗin da ka turo, kuma ina so ka zauna da wannan adadin na ɗan lokaci, domin hanyoyi huɗu ne za su iya haifar da shi a shagon nan, kuma kowace da maganinta.

A watan nan Alhaji yana sayar da buhu a kan naira 9,500. Buhu 600, wato lodin tirela guda, ya kama 5,700,000 daidai. Buhu 60 kuma 570,000 ne, idan yatsan mai shigarwa ya ƙara sifiri ɗaya sai ya koma 5,700,000. Buhu 6 naira 57,000 ne, kuma akwai manhajojin karɓar kuɗi da suke ajiye adadi a kwabo, naira ɗaya kwabo 100, to 57,000 a kwabo shi ne 5,700,000. Sannan buhun siminti kilo 50 ne, buhu 20 ke yin tan ɗaya, saboda haka tan 30 a kan 190,000 ma nan ya faɗo. Ka ga idan kuɗin kawai kake kallo, babu yadda za a yi ka raba su. Girman adadi ya nuna maka inda za ka duba, bai gaya maka abin da ya faru ba. Haka ma duk wata dabarar lissafi da ke ja wa layi jan fenti idan ya yi nisa da 'yan'uwansa: ba ta san tirela ba, ba ta san sifiri ba. Ciniki kuwa dama haka yake, ƙananan saye da yawa, manya jefi-jefi.

Abu na farko da nake yi shi ne rabawa. Ka buɗe sabon ginshiƙi, ka raba jimlar kuɗin kowane layi da yawan kayan, ka sake raba abin da ya fito da farashin tsakiya na watan. A fayil ɗinka yawa yana C, farashi yana D, jimla tana E:

```
=(E2/C2)/MEDIAN($D$2:$D$201)
```

Na sa MEDIAN da gangan, domin shi adadin da ke tsakiyar jeri yake ɗauka, layi ɗaya mai girma ba ya iya jan sa. AVERAGE kuwa shi kansa zai gurɓace da layin da kake bincike. Lafiyayyen layi zai ba ka 1 ko kusa da shi, 0.97 ga wanda aka yi wa ragi, 1.03 ga wanda aka haɗa wa kuɗin dako. Idan ka ga 10 cif, sifiri ne ya ƙaru a jimla. Idan ka ga 100, kwabo ne. Idan ka ga 20, an rubuta yawan a tan. A shagon kayan masarufi za ka riƙa ganin 12 ko 24, saboda dozin da katan. Abin lura shi ne cikar adadin. Ciniki na gaske yakan zo da ɗan karkace, an rage ɗari biyu nan, an ƙara kuɗin mota can, amma kuskuren ma'auni yana ninka abu ne sau wani adadi sananne ba tare da canji ba.

Layinka ya ba da 1 daidai: yawa 600, farashi 9,500. Wannan ya fitar da kwabo da tan daga zance. Amma kada ka yi saurin cewa layin ya tsira, domin a nan ne rabawar take ƙarewa. Danna gurbin jimlar ka gani, ba da hannu aka rubuta ta ba, `=C88*D88` ce. Idan magatakarda ya buga 600 a maimakon 60, kwamfuta za ta ninka masa cikin biyayya, farashin ya fito lafiya lau, kuskuren ya shige ciki. Saboda haka abin da ya rage maka biyu ne, tirela ta gaske ko sifiri a yawan buhu, kuma fayil ɗin ba zai iya raba maka su ba. Dole ka tashi daga kan kujera.

Kafin ka tashi, ga abin da ya sa zuciyata ta karkata ga sifiri. Duk wanda ya san kasuwar siminti a garin nan ya san mai ɗaukar tirela guda ba ya biyan farashin mai ɗaukar buhu biyar a Keke Napep. Masana'antar siminti tana nan Kalambaina kusa da Sakkwato, dillalai sun cika gari, ɗan kwangilar da zai fitar da miliyan biyar da ɗoriya sai ya yi ciniki har ya gaji. Da na ga 9,200 ko 9,250 a layin, da na ce da alama gaske ne. Buhu 600 a farashin ɗai-ɗai ba tare da ragin ko naira hamsin ba, wannan ya sa ni tsayawa. Zato ne dai, ba a gyara littafin mutum da zato.

Buhu 600 ba ya fita a ɓoye, kamar raƙumi ne ya bi ta yashi. Fara da littafin sito: nawa aka wayi gari da shi ranar, nawa aka rufe da shi. Idan an buɗe da buhu 420, babu sabon kaya da ya shigo, aka rufe da 290, to abin da ya fita gaba ɗaya 130 ne, babu wurin 600 a ciki. Ka haɗa sauran layukan ranar, idan sun ba ka 70, ragowar 60 ɗin nan shi ne layinka. Sai ka duba kuɗin 'yan dako, domin su a kan buhu ake biyan su, kuma ba su taɓa manta ranar da suka loda tirela. Na ƙarshe kwafin rasit da ke cikin littafi, inda sau da yawa ake rubuta adadin da kalmomi, hannun da ya ƙara sifiri a kwamfuta ba zai rubuta "ɗari shida" da biro ba idan sittin ya sayar.

Akwai inda littafin sito zai yaudare ka, kuma yana faruwa sosai a wannan sana'ar. Idan ɗan kwangila ya sayi tirela guda, ba a cika sauke ta a shago ba, daga inda aka yi lodi ake wucewa da ita wurin gini kai tsaye, ko a cikin gari ne ko Wamakko ko Bodinga. Sito ba zai nuna komai ba, 'yan dakon shago ba su taɓa ko buhu ɗaya ba, amma cinikin na gaske ne. A irin wannan shaidarka tana banki. Nemi shigowar kuɗi mai kama da haka a ranar ko kwana biyu kafin ko bayanta, ka tuna wasu kan biya kashi biyu ko uku saboda iyakar turawa a rana. Ka nemi kuma fitar kuɗi mai girma daga asusun Alhaji zuwa inda yake saro kaya, da takardar da direba ya kawo da sa hannun wanda ya karɓa a wurin ginin. Idan babu kuɗi amma akwai takardar direba, bashi ne, ka duba littafin bashi.

Ga wata tsohuwar dabara ta masu lissafi da za ta rage maka wahala. Ka ɗauki jimlar cinikin ranar a fayil, ka cire abin da ya shigo hannu na gaske, tsabar kuɗi da na banki da bashin da aka rubuta. Idan giɓin ya kai 5,130,000, raba shi da 9, za ka samu 570,000, wato ainihin kuɗin layin. Dalili shi ne adadin da aka ninka sau goma ya fi asalinsa da ninki tara. Da kwabo ne, giɓin zai zama 5,643,000, ka raba da 99 ka samu 57,000. Tana aiki ne idan kuskure ɗaya ne a ranar, idan biyu suka haɗu sai ta rikice.

Yanzu ga abin da bai ja idonka ba, kuma ya fi damuna. Da na jera sabon ginshiƙin daga babba zuwa ƙarami, layuka bakwai sun ba da 20 cif. Yawan da aka rubuta a cikinsu 1 ne, 2, 1.5, farashi 190,000. Jimlarsu ba ta da wani girma, 190,000 ko 380,000, shi ya sa suka ɓace a cikin sauran. Duka bakwai ɗin daga hannun mai shigarwa ɗaya suka fito, a mako guda, da alama wanda ya riƙe shagon ne lokacin da magatakarda ba ya nan, kuma shi da tan ya saba. Wannan ita ce ɗabi'ar kuskuren ma'auni: ba ya zuwa shi kaɗai, yana bin mutum ɗaya ko na'ura ɗaya ko reshe ɗaya, daga wata rana zuwa wata. Kuskuren yatsa kuwa layi ɗaya ne tsakanin lafiyayyu. A layukan nan kuɗin daidai yake, yawan buhu ne ya ragu sau ashirin, kuma idan ka kai rahoton haka Alhaji zai ɗauka akwai siminti a sito da ba ya nan. Ka ninka yawan da 20, ka raba farashin da 20, jimlar kada ka taɓa ta. Wannan matsalar za ka sake haɗuwa da ita idan ka fara yi wa masu shago a Illela lissafi, inda wani cinikin da sefa ake yin sa a rubuta ba tare da alama ba, sai dai can ninkin ba cikakken adadi ba ne, yana bin canjin ranar.

Duk abin da ka gano, kada ka rubuta a kan adadin asali. Bar shi yadda yake, ka ƙara ginshiƙai uku: adadin da aka gyara, dalili, da shaidar da ka gani, misali lambar rasit ko ranar shigowar kuɗi. Idan sifiri ne, 60 za ta shiga rahoto. Idan tirela ce ta gaske, tana cikin jimlar wata dole, domin kuɗin Alhaji ne, amma ka ware ta a layinta ka ba shi matsakaici biyu. Sauran layuka 199 sun haɗa 39,800,000, wato 200,000 kowane layi, da tirelar a ciki kuma matsakaicin ya haura zuwa 227,500. Na farkon ne zai yi amfani da shi wajen sanin buhu nawa zai riƙa ajiyewa a sito. Idan kuma rana ta faɗi ba ka samu shaida ko ɗaya ba, ka rubuta "ba a tantance ba" a gefen layin, ka kai jimla biyu, da shi da ba shi.

In ka je shagon gobe, ka fara da mai sito kafin ka yi wa magatakarda magana, kuma kada ka tambayi magatakardan a gaban Alhaji. Ka ce masa kawai kana son ganin kwafin rasit na ranar.