Yadda za ki gaya wa Alhaji ba a ɗauki hatsinsa ba

Tambaya: Kawu, kwamitinmu ya zaɓi wanda zai kawo wa kantin lakwal, inda ake ciyar da ɗalibai, buhu 200 na hatsi. Cikin biyun da ba su samu ba akwai Alhaji, abokin Baba. Ni aka ce in sanar da su. In ce masa ana kan dubawa har ya gane da kansa?

Amsa (murya):

Salamu alaikum. To ɗiyata, a'a, kar ki yi haka. Na san abin da ke damunki, kunya ce, ba ki son ki dubi sa'an mahaifinki ki ce masa bai samu ba. Amma ki lissafa abin da kunyar nan za ta ci masa. Mutumin da ya sa farashi a kan buhu 200, ko dai hatsin na jibge a mangazarsa ya hana kowa taɓawa, ko kuma ya riga ya yi magana da mutanensa na Matameye ko Mirya su riƙe masa, wataƙila ma ya ba da wani abu kafin alƙalami. Duk ranar da kika ce “ana dubawa”, ya ƙara kwana bai sayar ba. A ce ya jira sati uku, sabon hatsi ya fara shigowa Kasuwar Dole, buhu ya sauka da jika biyu kawai. Jika 400 ke nan suka tafi, ban da kuɗin dako, ban da in da bashi ya saya. Ran da ya gane, ba zai ce yarinyar nan mai kunya ce ba, cewa zai yi an yi masa wasa da hankali.

To ga yadda ake yi. Da farko kar ki kira kowa tukuna. Ki tabbata wanda aka zaɓa ya sa hannu a takarda, ya yarda da farashi da ranar kawowa. Saboda yana faruwa a zaɓi mutum, washegari ya ce ai farashi ya tashi, ba zai iya ba. In kin riga kin sallami na biyu, da wane ido za ki koma masa? Amma da ya sa hannu, a ranar nan za ki sanar da sauran, kafin la'asar in da hali. Damagaram ba ta ɓoye magana. Ƴan dako da direban kamyo za su kai labari kasuwa kafin ki ƙare sallar magariba, kuma babu abin da ke ƙona ran babban mutum kamar ya ji daga bakin yaron shagonsa.

Shi Alhaji ba saƙon waya za ki tura masa ba. Ki je da ƙafarki, ki tafi da wani namiji daga cikin kwamitin, ki same shi ba cikin mutane ba. Wancan ɗayan da ba ku saba ba, kira ya isa. Ki gaishe shi yadda ya kamata, iyali, kasuwa, gajiya. Ana gama gaisuwa, maganar da za ta fara fita ita ce hukuncin. Kamar haka: “Baba Alhaji, kwamiti ya aiko ni in sanar da ku an gama zaɓe a kan hatsin kantin, kuma ba a ɗauki naku ba. An ba wani, har an sa hannu. Na zo da wuri ne don kada ku riƙe kayanku saboda mu.” Ki lura da “har an sa hannu”, ita ce ke rufe ƙofa. In ba ki faɗe ta ba, zai ce to bari in rage jika ɗaya a buhu, shi ke nan an koma ciniki.

Sai dalili, guda ɗaya, na gaskiya, kuma daga cikin sharuɗɗan da kuka rubuta tun farko. A ce takardarku ta ce a kawo cikin kwana 10, shi ya rubuta kwana 21. Ki ce haka, ki tsaya nan. Kar ki ƙara cewa samfurinsa akwai tsakuwa, farashinsa ma ya ɗan hau, wata takardar ba ta cika ba. Dalili uku cin fuska ne, kuma kowanne ƙofar gardama ce. Zai kama mafi rauni ya ce a kawo rariya a gwada yanzu. Kuma kar ki ƙirƙiro dalili don ki sanyaya masa rai. In kika ce kuɗi ne ba su zo ba, jibi zai ga kamyo na sauke buhuna a ƙofar lakwal.

Zai tambaye ki nawa wanda aka zaɓa ya sa. A sayayyar ƙungiya irin taku ba sai kin faɗa ba, ki ce kwamiti bai ba ki izinin faɗin farashin kowa ba, nasa ma ba a faɗa wa kowa ba. Au, tsaya, in kuɗin gwamnati ne kuma ta hanyar kiran tayi aka bi, wannan daban. Can ana buɗe ambulan a gaban kowa, ana rubuta wa wanda bai samu ba dalilin ƙin nasa, yana da damar sanin wanda ya ci da kuɗin da aka ba shi, yana kuma iya kai ƙara har ARCOP, hukumar da ke sa ido a kan sayayyar gwamnati. Ki duba da wane kuɗi kuke saye kafin ki buɗe baki.

Abin da ya fi ba ni haushi kuwa shi ne “za mu kira ku”. Kai, wannan kalma! Ita da ƙanwarta, “wani karo naku ne in sha Allah”. Ana faɗinsu wa ƴan kasuwa, ana faɗinsu wa yaran da suka ajiye dosiye neman aikin gadi ko direba. Yaro ya ƙi tafiya aikin da ya samu a Agadas, yana zaune a Garin Malam wata biyu yana duba waya, alhali tun ranar farko an san ba shi ba ne. Wanda ya faɗa ya manta kafin ya kai ƙofa, wanda aka faɗa wa ya riƙe kamar alkawari. Ke ba ki da ikon wani karo, na kwamiti ne. Abin da kike da iko a kai shi za ki faɗa: “In an sake kiran tayi zan sanar da ku ranar da aka liƙa takarda, ku nema kamar kowa.” In kuma kin san ba za ki yi ba, wannan ma ki bar shi.

Haka nan kar ki ce “ni na so ku, su ne suka ƙi”. Daɗin faɗi gare ta, amma kin nuna masa akwai ɓaraka, gobe zai bi gidajen ƴan kwamiti ɗaya bayan ɗaya, ko ya je wajen mahaifinki. Af, shi ma mahaifinki ki gaya masa da kanki a daren nan, bayan kin ga Alhaji, ba kafin ba.

In ya yi fushi ki bar shi ya faɗi nasa, ki ce “na ji, Baba, ku yi haƙuri”, ki maimaita dalilin nan ɗaya, kar ki sako sabo. Ki tafi masa da samfurinsa, ko tiya biyu ce, da takardunsa na asali, da kuɗin ajiya in ya ajiye. In ya taɓa aiko da wani abu gida lokacin da ake zaɓe, shi ma ya koma. Sannan ki miƙa masa wasiƙa mai layi huɗu ko biyar, da kwanan wata da hatimin ƙungiya: an gode, ba a ɗauka ba, ga dalili. Kofi biyu, ya sa hannu a ɗaya ki mayar biro. Abin da ke cikin wasiƙar ya zama daidai da abin da bakinki ya faɗa, don zai ba ɗansa ya karanta masa bayan kin fita.