Kalma uku ta ishe shi

"Maigida, yayan amaryar da za mu yi wa biki ranar Asabar ya ce in tsara masa jawabin sa albarka. Angon Bayarabe ne, mutumin Ilori, shi kuma yayan yana so ya sa Yarabanci a ciki alhali ba ya ji. Nawa zan sa masa, kuma a wane wuri?"

Uku, yaro. Gaisuwa biyu a farko, godiya ɗaya a ƙarshe, ka rufe takarda. Idan ya tashi ya gama sallama da salati, sai ya juya ya fuskanci inda dangin ango suke zaune, ya ɗan rusuna, ya ce "E kaabo", wato sannunku da zuwa. Ya dakata su amsa. Sannan ya ce "E ku ijoko", sannunku da zama, domin Bayarabe yana da gaisuwa ta kowane hali, kuma wanda aka zaunar tun la'asar yana jin daɗi a san da zamansa. Daga nan ya koma Hausarsa, kada ya sake fita sai zai zauna, ya ce "E she o", mun gode. Addu'ar kanta ko harafi ɗaya kada ya yi ta da Yarabanci. Yadda ake jera manya a gaisuwa da wanda ake fara ambata ba zan tsaya faɗa maka ba. In har yau ba ka sani ba, to ban san abin da kake kallo ba duk lokacin da nake riƙe da makirufo.

Na san za ka ce uku ta yi kaɗan, don ku yaran yanzu komai sai an cika shi ya zube, a ɗauka a waya a watsa. To zauna ka ji abin da ƙarin jimla ɗaya ta jawo mini.

Wani gidan 'yan kasuwa ne a nan Kano suka ba da 'yarsu ga wani yaro ɗan Ibadan. Danginsa suka cika motoci suka taho, tsofaffi da yawa a ciki, mata da ɗaurin kallabi iri ɗaya. Muka yi ciniki da yayan amarya a kan naira 120,000, gabatarwa da tsara jawabi duka, ya ba ni 30,000 kafin alƙalami. Na rubuta masa jawabi da hannuna, irin wanda har yau in na karanta nakan ji jikina ya yi sanyi. Na ɗauke shi a motata na kai shi Sabon Gari wurin wata tsohuwa Bayarabiya mai ɗinki da muka daɗe da sanin juna, ta yi ta maimaita masa kalmomin nan uku har bakinsa ya saba, ta ce ya yi. Ko sisi ban caje shi a kan wannan ba.

Ashe daren jajibiri wani abokinsa da ya yi bautar ƙasa a ƙasar Yarabawa ya turo masa saƙon murya, wai ga addu'ar da suke yi wa amare, in ya faɗe ta zaure zai tashi da tafi. Addu'ar ta gaskiya ce, kowane Bayarabe ya san ta: "Eyin iyawo o ni meni." Ma'anarta bayan amarya ba zai saba da tabarma ba, wato ba za ta daɗe a ɗakin miji ba ta samu rabo ba. Amma dubi inda hatsarin yake. Abin da ke kore maganar, wato "ba" ɗinsu, wannan 'yar "o" ce ta tsakiya, ana faɗinta da murya ƙasa, ga ta kuma manne da "iyawo" wadda ita ma da "o" ta ƙare. Kunnen Bahaushe guda ɗaya yake ji. Ya tashi a gaban mutane, ya yi nawa daidai har aka yi masa murmushi, sai na ga ya zura hannu aljihu ya ciro waya. Ya karanto jimlar, ya haɗiye "o" ɗin nan.

Ba wanda ya ce amin. Duk wanda ya yi wannan sana'a ya san irin shirun. Gwaggon ango ta miƙe, ta kewaya hannu a kanta ta ƙyasta yatsu, tana cewa "Olorun ma je", Allah ya kiyaye. A kunnenta, ɗan'uwan amarya na jini ya tsaya a gaban jama'a ya cire wa addu'ar haihuwa abin da ya sa ta zama addu'a. Sai da alagarsu, matar da ke gabatar musu da biki, ta karɓi makirufo ta maimaita jimlar daidai sau uku, suka amsa da ƙarfi, sannan zaure ya dawo hayyacinsa. Wasu tsofaffin ko abinci ba su tsaya ci ba.

Washegari na aika a karɓo cikon kuɗina, aka ce wa yarona Alhaji ya ce kada in sake tako masa ƙofar gida. Yayan amaryar nan ya je ya gaya wa mahaifinsa wai ni na rubuta masa. Ni! Na ɗauki takardar na je da kaina, aka bar ni a soro, ba wanda ya fito. Naira 90,000 ta tafi, yaran da suka ɗauki kaya da mai injin sauti daga aljihuna na sallame su. Kuɗin ma ba shi ya fi ci mini rai ba. Gidan akwai 'yan mata biyu a bayanta, an riga an yi mini alkawarin bukukuwansu, aka kai wa wani da ko Fatiha ba ya iya ja da kyau. Kuma na daɗe ina jin maganar tana yawo a bakin mata, wai mai gabatarwar nan shi ya sa aka yi wa amarya baki. Takardar tana nan a akwatina, duk ranar da ka so ka gani zan nuna maka.

Ko da ya faɗe ta daidai ma ba tasa ba ce. Wane yaya ne mai kunya zai tsaya gaban iyaye yana zancen bayan ƙanwarsa da tabarma? Wannan addu'ar a bakin iyayen ango mata take da kyau, a bar musu abinsu. Shi ya ce Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba, kowa ya gane.

Dalilin da ya sa na zaɓi waɗancan ukun shi ne ba su da tarko da yawa. Yarabanci yana da hawa uku na murya, sama da tsakiya da ƙasa, kuma suna da "o" iri biyu da "e" iri biyu, mu kuwa guda guda muka sani. Saboda haka kada ka yarda ya ce "oko iyawo" da nufin ango. Kalmar miji, in aka karkatar da ita kaɗan, takan koma gona ko fartanya ko mota, akwai ma inda take komawa abin da ba a faɗa a gaban surukai. Ya ce ango kawai. Haka "a dupe", mun gode: harafin tsakiyar nan leɓe da maƙogwaro suke haɗuwa su fitar da shi, Bahaushe kuwa "a dufe" zai ce, yara su yi ta dariya. Abu ɗaya da za ka tsare a cikin ukun shi ne "e" ta farko. Ita ce ta girmamawa, kamar yadda muke ce wa babba "ku". In ya kuskura ya ce "o she" yana kallon mahaifin ango, ya yi masa godiyar da ake yi wa yaron da aka aika sayen goro.

Jikin jawabin kuwa kada ya wuce minti uku. Ka tunatar da shi cewa shi ba waliyyi ba ne, aure an riga an ɗaura, shi ɗan aike ne na iyayen da kunya ta hana su tashi. Don haka da sunansu zai yi magana. Ga irin yadda nake so ya fita:

"E kaabo. E ku ijoko. Iyayenmu da kuka taso tun daga Ilori, iyayena ne suka ce in tashi in yi muku godiya, ba don na isa ba. Wannan yarinya a gabana ta tashi. Lokacin da mahaifiyarmu ta kwanta jinya, ita ta riƙe gida, ba wanda ya ji ta yi ƙorafi. Yau mun ba ku ita amana. Mama, ba ta san harshenku ba, ba ta san girkinku ba, ki koya mata kamar yadda za ki koya wa wadda kika haifa. In ta yi kuskure ku gyara mata, in ya fi ƙarfinku ƙofarmu a buɗe take. Ke kuma ƙanwata, iyayensa iyayenki ne daga yau."

Ka ga halinta guda ɗaya na ambata, kuma na gaskiya. Ka zauna da shi ka tono irin wannan, abin da ya gani da idonsa. Kada ka bar shi ya jero mata digiri da kyau da iya girki, ba talla ya zo ba. Kuma ka soke duk wata barazana. Samarin yanzu sun ɗauki wata ɗabi'a, sai yaya ya nuna ango da yatsa ya ce in ka taɓa ta za ka gamu da ni, abokai su yi ihu. Mutanen da suka kwana a hanya don su karɓi 'yarku ba su zo jin wannan ba, kuma ita za ta zauna da su bayan an watse.

Sai addu'a. Ya fara da wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi wa wanda ya yi aure, tana cikin Abu Dawuda da Tirmizi: "Barakallahu laka, wa baraka alaika, wa jama'a bainakuma fi khair." Mutanen Ilori gidan karatu ne, wasu tsofaffin da ke zaune a wurin sun fi shi sanin ta, za ka ji suna bin ta a hankali. Daga nan ya ci gaba da Hausa, gajeru gajeru, kowace ta numfashi ɗaya: Allah ya sa ƙauna da tausayi a tsakaninku, kamar yadda ya faɗa a Suratur Rum aya ta 21. Allah ya ba da zaman lafiya. Allah ya buɗa muku ƙofar arziki na halal. Allah ya ba da zuri'a ɗayyiba. Bayan kowace ya yi shiru a amsa. Amin ɗinmu da nasu ɗaya ne, wanda bai ji Hausa ba ma ya san inda zai sa tasa. In ka ji amin na fitowa daga ɓangare ɗaya kawai, sauri yake yi, ka yi masa alama da hannu ya sassauta. Da ya gama ya sake rusunawa, "E she o", ya miƙo maka makirufo.

Kafin Asabar ka kai shi wurin babban mutum Bayarabe, ba sa'ansa ba, ya ji bakinsa. In mutumin ya yamutsa fuska a kan wata kalma sau biyu, cire ta, biyu ma sun isa. Ka ɗauki muryarsa a wayarka yana karanta jawabin tun daga farko har ƙarshe, ya faɗa da bakinsa cewa wannan shi ne abin da aka tsara masa. Ranar biki kafin ya tashi ka karɓi wayarsa ka riƙe. Cikon kuɗinmu kuma ya shigo ranar Juma'a, in ba haka ba ka gaya masa ya nemi wani.