Taƙaita taron daraktoci da Hausa: abin da aka yanke daban, abin da aka tattauna daban

Tambaya: "Assalamu alaikum. Daraktocin kamfaninmu da Faransanci da Turanci suke taro, manajojinmu kuma Hausa suka fi ji. An ɗora mini rubuta musu taƙaitaccen bayanin abin da aka yanke da aikin kowa. Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Na daɗe ina wannan aiki, kuma abin da ya fi ba ni wahala a farko ba harshen Turawan ba ne, Hausarmu ce. Muna da "an" da "za a", masu daɗin faɗa, amma suna ɓoye mai aikin. Idan ka rubuta "za a duba kwangilar", manajoji biyar za su karanta su gyaɗa kai, kowa yana zaton da ɗan'uwansa ake. Saboda haka ba na barin layi ya wuce sai ya nuna wane ne zai yi, me zai yi, zuwa wace rana. In taron bai ambaci kowa ba, kada ka naɗa wani da kanka. Rubuta cewa ba a ɗora wa kowa ba tukuna, ka koma wurin sakataren taron ka tambaya.

Ga abin da ya koya mini hankali. A wani wuri da na yi aiki, daraktoci sun shafe kusan minti arba'in kan sayen motocin dakon kaya guda 3. Shugaban taro ya rufe maganar da cewa sun yarda bisa manufa, da sharaɗin mai binciken kuɗi ya kawo rahotonsa a zama mai zuwa. Ni kuwa na ji kalmar yarda, na rubuta "an amince da sayen motoci 3". Kafin mako ya zagayo manajan sayayya ya tura wa dillali takardar oda. Janye ta ya ci mu wasiƙu da ban-haƙuri, kuma laifin nawa ne, don na yar da rabin jimlar. Abin da ya kamata in rubuta shi ne: "Daraktoci sun yarda da manufar sayen motoci 3, amma ba a ba da izinin saye ba. Manajan kuɗi zai miƙa wa mai bincike takardu kafin 14 ga Maris. Kada a fitar da oda sai bayan zama mai zuwa."

Tun daga nan nake sauraron ƙarshen kowane batu a ajanda fiye da tsakiyarsa. Muhawara tana da zafi, wani darakta zai yi ta nanata ra'ayinsa har ka ɗauka shi ne hukunci, alhali hukuncin yana cikin jimla ɗaya ko biyu da shugaba ya faɗa kafin a wuce. Can za ka gane ko an zartar, ko an zartar da sharaɗi, ko an ɗage, ko kuwa an saurari rahoto ne kawai. Wannan na ƙarshen yana ruɗar mutane sosai: a bayanin taron Turawa akan rubuta cewa daraktoci sun lura da rahoto, ma'ana sun ji, ba su ce a aiwatar ba. Ka ware wa kowanne kalmarsa ta Hausa, kada ka sauya ta daga taro zuwa taro. Haka ma "dole", "ya kamata" da "ana iya", kada ka ƙara wa magana nauyin da ba ta zo da shi ba.

Lambobi kuma ka bi su a hankali. Mai rubutu da Faransanci in ya sa 1,5 ɗaya da rabi yake nufi, mai Turanci zai rubuta 1.5. Kwanan wata 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bafaranshe ko Bature ɗan Ingila 3 ga Afrilu. Shi ya sa nake rubuta sunan wata cikakke. In aka ce "kwata na uku", tambayi ko na shekarar kuɗin kamfani ake nufi, domin ba kowane kamfani ke fara shekararsa a Janairu ba.

Kafin ka tura wa manajoji, kai wa sakataren ya gwada da nasa daftarin, ya kuma nuna maka abin da ba na fitarwa ba ne, kamar maganar albashin wani ko sallamar ma'aikaci. A saman takardar ka rubuta cewa taƙaitawa ce, kuma ba a tabbatar da bayanin taron ba tukuna, tunda yawanci sai a zama na gaba ake amincewa da shi. Ni nakan kira manaja ɗaya in ce ya karanta ya faɗa mini abin da zai fara yi gobe da safe. In amsarsa ta saɓa da abin da shugaban taro ya faɗa, sai in koma kan wannan layin in sake shi kafin sauran su gani.