Haskawar farko sau ɗaya ake yinta

"Oga, Allah ya ƙara girma. Gajeren fim ɗina ya kammala, minti 14 ne, kuma abin da na tara bai wuce dala 100 ba. Wane bikin finafinai zan tura wa?"

Kai yaro, kafin ka taɓa kuɗin nan, fim ɗin yana kan YouTube ko Facebook? In ka ɗora, sauke shi yau, ko da yake wani wurin ka riga ka makara.

Akwai wani yaro ɗan Tudun Wada, nan Zariya, da ya yi fim mai minti 12 a cikin birni, da kyamarar shagon nan, kyauta. Fim ne mai kyau, ko maƙiyinsa ba zai ce a'a ba. Daren da edita ya gama aiki, zumuɗi ya hana shi barci, ya ɗora a YouTube kowa ya gani, ya bi zaurukan WhatsApp yana raba mahaɗin. Washegari ya shiga FilmFreeway, shafin da ake tura wa bukukuwa finafinai, ya biya bukukuwa huɗu, dukansu a wa'adin ƙarshe, kusan dala 40 kowanne, kuɗin babur ɗin da ya sayar. Uku suka ƙi. Na huɗun, wani biki a Turai, ya rubuto cewa suna son fim ɗin, ya tabbatar musu ba a taɓa nuna shi ko'ina ba. Ya ce ba a taɓa ba. Su kuwa suka rubuta sunan fim ɗin a intanet, ga shi nan zaune da 'yan kallo ɗari uku da wani abu, yawanci 'yan unguwarsu. Suka janye gayyatar, kuɗi kuma ba a mayarwa. Har yau in na wuce ta Ƙofar Doka na tuna, raina ɓaci yake. Yaran yanzu ba za ku iya riƙe abu a ciki ko na mako guda ba, sai duniya ta gani.

Abin da bai gane ba shi ne haskawar farko dukiya ce, kuma hawa-hawa take: ta farko a duniya, ta farko a wajen ƙasarka, ta farko a Afirka, ta farko a Najeriya. Dubi manyan bukukuwan duniya: Venice ba ta karɓa sai in ita ce farko a duniya. Berlin tana son farko a duniya ko farko a wajen ƙasar da aka yi fim. Cannes ba ta ɗaukar gajeren fim da ya wuce minti 15, ba ta kuma son wanda ya zaga intanet. Sundance ba ta tsananta wannan ga gajerun finafinai, amma ana tura mata fiye da 10,000 a shekara, ba ta zaɓar ko 100. Yi lissafin da kanka. Saboda haka ba ranar rufe karɓa kawai za ka duba ba, ranar da za a haska ita ce ke ƙone ka: in ƙaramin biki a wata ƙasa ya nuna shi a Nuwamba, ka rufe wa kanka ƙofar Berlin ta Fabrairu.

Da dala 100 da fim na farko, ga yadda zan kasa. Babban biki ɗaya tak, don gwada sa'a, shi ma sai in ka riski wa'adin da aka rubuta Earlybird, wato na farko, domin kuɗin yana hawa ne da kowane wa'adi, na ƙarshe kan kusan ninka na farko, kuma lokacin masu zaɓe sun gaji da kallo. In ya wuce ka, bar shi. Sauran kuɗin ka kai inda fim ɗin Hausa ke da mai saurare: AFRIFF a Legas wajen Nuwamba, Zuma a Abuja wanda Hukumar Finafinai ta Najeriya ke shiryawa, KILAF a Kano da aka kafa don harsunan Afirka, sai Durban ta Afirka ta Kudu a Yuli. FESPACO ta Wagadugu duk shekara biyu ake yi, to ka duba ko shekarar ta faɗo, ka kuma duba iyakar shekarun fim, don yawancinsu ba sa karɓar wanda ya haura shekara ɗaya ko biyu da kammalawa.

Kafin ka biya kowa, rubuta musu gajeriyar wasiƙa ka nemi rangwame: daga Zariya kake, fim na farko, ga mahaɗi mai kalmar sirri. Wasu za su ba ka lambar da za ta share kuɗin gaba ɗaya. Ba roƙo ba ne, haka ake yi. Bikin da kake gani yana raba kyaututtuka iri hamsin duk wata, babu hoton zaure, babu jerin finafinan bara, wannan kasuwa ce ta sayar da tambarin ganyen ado da ake manna wa fosta, kada ka ba su ko sisi.

Maganar fassarar Turanci a ƙasan allo ba zan tsaya koya maka ba. Amma kawo ta in karanta, tare da fim ɗin a filashi, gobe bayan La'asar. Ka taho da takarda ka rubuto ranar rufewa da ranar haskawa ta kowane biki.