Amsa: kayan ɗinkin da ke cikin gwangwanin Goggo

"Goggona ta bar mini gwangwanin biskit cike da kayan ɗinki. Almakashi da zare kawai na sani, sauran fa?"

'Yar'uwa, fara da allurai, don su suka fi ruɗa mutum. Duk wadda kika ga kafarta tana kusa da tsini, ta keke ce. Shafa gindinta: idan gefe ɗaya a baje yake, ta keken gida ce, idan zagayayye ne ko'ina, ta babban keken shago ce, kuma ba su shiga wurin juna. Lambar jikinta kauri take nunawa. 11 ta yadi mai laushi ce, 14 ta atamfa, 16 ko 18 ta yadi mai kauri. In kika sa 11 a jins za ta lanƙwashe ko ta karye. Allurar hannu kafarta a gindi take, mai faɗin kafa kuma ta surfani ce.

Ƙaramin ƙarfen nan mai kamar taya, ƙoshiya ce, a kanta ake naɗa zaren ƙasa. Gwada ta a gidanta kafin amfani, don idan ta yi tsatsa ko ta lotsa zare zai riƙa cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi.

Mai kamar ƙaramar hula da ɗigo-ɗigo kuwa, a ɗan yatsan tsakiya ake sa shi a tura allura. Mai baki biyu, ɗaya dogo ɗaya da jan ƙwallo, na farke ɗinki ne; ya fi reza, ba ya saurin yanka yadi. Guntun nan mai launi allin tela ne. Ki riƙa zana da shi a bayan yadi, don wani ba ya fita da wuri.