Hukuncin kashin kusu a ɗakin ajiyar shinkafa

Tambaya: Allah gafarta malam, daga Argungu nake. Na buɗe ɗakin da muke ajiye shinkafa, na tarar da kashin kusu a ƙasa da bakin buhu ɗaya, ga zarnin fitsari. Surukata ta ce tunda ya bushe, in share in sheƙe shinkafar kawai. Haka ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, kashin ɓera da fitsarinsa najasa ne. Surukarki tana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin busasshiyar najasa ba ta najasta busasshen abu, ana cire ta ne kawai. Asalin wannan shi ne hadisin Nana Maimuna a Bukhari, inda Annabi (SAW) ya yi umarni a jefar da ɓeran da ya faɗa cikin man shanu tare da abin da ke kewaye da shi, a ci sauran.

Amma tsarki daban, cuta daban, kuma a nan nake so ki tsaya. Ɓera na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma ya fi yaɗuwa da rani. Ƙwayar tana fita ta fitsari da kashi. Idan suka bushe aka sa tsintsiya ko faifai, sai su bi ƙura su shiga hanci da baki. Annabi (SAW) ya ce babu cuta, babu cutarwa. Don haka wanda ya san wannan, bai halatta ya yi sharar a bushe ba, balle ya sa yara su yi, abin da na sha gani a gidajenmu kuma yana damuna.

Ki buɗe ƙofa da taga na minti 30 tukuna. Ki rufe hanci da baki, ki sa safar hannu ta roba ko leda. Ki haɗa kofi 1 na ruwan bilic da kofi 9 na ruwa, ki jiƙa kashin sharkaf, ki bar shi minti 5, sannan ki kwashe da tsumma, ki ƙulle a leda ki binne. Ki goge daɓen da sauran ruwan, ki wanke hannu da sabulu.

Shinkafar bakin buhun da duk inda fitsari ya jiƙa, a zubar, wannan ba almubazzaranci ba ne. Sauran a wanke, a dafa ta nuna sosai, kada bilic ya taɓa ta. Abin da ake ci ba dahuwa, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli, idan ɓera ya yi ɓarna a ciki a zubar da shi duka.

Idan cikin kwana 21 wani a gidan ya kamu da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro, da ciwon maƙogwaro ko amai, a kai shi asibiti da wuri, a gaya wa likita cewa an yi aiki cikin kashin ɓera a gidan.

Wallahu a'alam.