Ƙwayar hana barci a kasuwar dare: in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da abaya da turare a Bab Makka, nan Jidda. Azumi ya matso, kasuwa za ta koma dare, ni kuma ƙarfe ɗaya idona ya fara rufewa. Wani abokina ya ce in sayi ƙwayar da ake ce wa abu hilalaini, rabi kawai a dare, in daina bayan Sallah. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka saya, ko kyauta aka miƙo maka kada ka karɓa.

Sunanta kaftagon, laƙabin nan kuwa daga tambarin jinjirin wata biyu da ke jikinta ne. A Jamus aka fara yin ta a 1961 a matsayin magani, aka hana ta a shekarun 1980. Wadda ke yawo yanzu jabu ce, amfetamin, wani sinadari mai hana barci, ake cuɗawa da sinadarin kafeyin na gahawa da duk abin da mai bugawa ya samu, don haka rabin yau ba lallai ya yi daidai da rabin gobe ba. Kuma ba ta ƙara wa jiki ƙarfi. Ƙwaƙwalwa take tilasta wa ta zubo sinadaran kuzarin da ta tanada, sai ka daina jin gajiya alhali gajiyar tana nan tana taruwa.

Na san wani yaro ɗan uwanmu mai sayar da dardumar salla da carbi ga 'yan umara. Shi ma da rabi ya fara. Makon farko har daɗi yake ba mutane, bakinsa ba ya shiru, ciniki har asuba. Matsalar ta soma da safe: bayan awa goma kusan rabin abin da ya sha yana jininsa, sai ya kwanta ido biyu har azahar. Da dare ya yi, gajiyar ta ninka, rabin ba ya riƙe shi, ya koma guda. Kafin goman ƙarshe biyu yake sha.

Wata rana na tarar da shi wurin buɗa-baki. An ajiye masa dabino da shurba, ya ɗauki dabino ɗaya yana jujjuya shi a hannu, muƙamuƙinsa na motsi kamar mai tauna, leɓensa ya bushe ya tsage. Ƙwayar tana kashe yunwa da ƙishirwa, ga azumi, ga zafin Jidda, ga zuciya tana gudu. Wandonsa har ya fara zamewa daga ƙugu.

Daga nan asarar ta shiga aljihu. Ya ba wata Hajiya canjin riyal 500 alhali 100 ta ba shi. Ya karɓo kaya bashi har sau biyu wurin dillali ɗaya, ya manta da na farko. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne zargi: ya rantse yaron shagonsa yana masa sata, ya kore shi, ya ce maƙwabcinsa yana leƙensa. Wannan zargin aikin amfetamin ne idan ya haɗu da rashin barci, wani ma har muryoyi yake ji. Bayan Sallah ya daina kamar yadda ya yi alkawari, ya kwana biyu yana barci, ya tashi jiki a mace, zuciya a ƙuntace, ko ƙofar shago ba ya son gani. Ranar ta huɗu ya koma wurin mai sayarwa. Kafin aikin hajji shagon ya koma hannun wani.

Ka kuma tuna inda kake zaune. A dokar Saudiyya, wanda aka kama da ita don sha yana fuskantar ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2, baƙo kuma a tasa ƙeyarsa gida bayan ya gama. Idan ka sayo wa wani, ka shiga sahun masu rarrabawa, hukuncinsu ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da zan so ka kashe kuɗinka a kai shi ne mataimaki na wata ɗaya, wanda zai riƙe shago daga la'asar zuwa isha, kai ka karɓa bayan tarawihi. Ka kwanta da an sallame asuba, ɗaki a duhunce, waya a kashe, ka samu awa biyar ko shida, ka ƙara ɗaya bayan azahar. Gahawa ko shayi ka sha a farkon dare, ka tsaya wajen sha biyu don kada su hana ka barcin safe. Tun mako ɗaya kafin azumi ka fara ja da lokacin kwanciyarka.

Abokin nan naka kuwa, ina zaton ya riga ya fara. Ka lura da ramarsa da cizon haƙora. Dokar ba ta gurfanar da wanda ya kai kansa neman magani, ko iyalinsa suka kai shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Akwai asibitin Irada na masu fama da shaye-shaye a Jidda, kuma yana iya kiran 937 na ma'aikatar lafiya. In ya taɓa kuka da ciwon ƙirji ko bugun zuciya, ku kira motar asibiti a 997 nan take.